Daga Riruwai zuwa Tafkin Cadi: tambayoyin da ake yawan yi kan halin kogi

Duk shekarar da ruwa ya yi ɓarna sai an dawo da tambayoyi iri ɗaya, a majalisa, a bakin masallaci, har a cikin motar kasuwa. Ni ɗan bakin Kogin Haɗeja ne, tsakanin Ringim da Haɗeja aka haife ni, kuma na ɗan karanci ilimin ƙasa, shi ya sa nake shan tambayoyin nan. Na tattara su wuri ɗaya na amsa da kogin da muka sani, in ya so inda ya kama sai mu leƙa Kwara ko Nilu. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne kogi ba ruwa kaɗai yake tafiya da shi ba, ɗan dako ne, yana ɗauke da ƙasa. Inda yake da ƙarfi ya ɗauka, inda ƙarfin ya ragu ya sauke.

Wai daga ina ruwan kogin namu yake tasowa?

Koguna biyu ne suka haɗu suka haifi Kogin Haɗeja. Akwai Kogin Kano da ya taso daga duwatsun kudancin Kano wajen Riruwai, ya ratsa dajin Falgore ya zuba a dam ɗin Tiga, sannan akwai Kogin Challawa da ya biyo ta yamma wajen Ƙaraye. Suna haɗewa kafin Wudil, daga nan ruwan ya nufi Ringim, ya nufi Haɗeja. Can kuma Kogin Jama'are ya gangaro daga tsaunukan Jos ta ƙasar Bauchi da Katagum, su haɗu kusa da Gashuwa, daga nan sunan ya koma Komadugu Yobe, ya bi ta Gaidam da Damasak da Difa ta ƙasar Nijar har Tafkin Cadi.

Ba wani ido guda ɗaya ne yake ba da wannan ruwan duka ba. Ruwan sama ne da ya sauka a kan fili mai faɗi, ya bi kwatami ya shiga ƙorama, ƙorama ta shiga rafi, rafi ya shiga kogi. Shi ya sa za ka ga a garinmu an yi kwana goma ba a yi ko yayyafi ba amma kogi yana ta cikowa, to ruwan Doguwa da Tudun Wada ne ya iso.

Me ya sa a can sama duk duwatsu ne, mu kuma nan sai yashi da laka?

A can mafari ƙasa tana da gangare sosai, kuma dutse ne a ƙarƙashi. Ruwan yana cin ƙasa ne ta ƙasa, yana haƙa yana nitsewa, shi ya sa kwarin yake da zurfi da matsi, gefe da gefe a tsaye, babu wani filin fadama na kirki. Duwatsun da suka ɓalle su faɗo ciki, ruwa ya riƙa mirgina su lokacin cikowa suna bugun juna, kaifinsu yana gogewa. In ka ɗauki dutse a rafin kudancin Kano za ka ji kaifi a hannunka, in ka yi gaba sai ka samu tsakuwa mai sulɓi kamar ƙwan zabuwa, a Wudil yashi ne fal wanda 'yan tifa suke lodi, kafin a kai Haɗeja abin ya koma rairayi mai laushi da laka.

Abu biyu ne suka jawo haka. Na farko gogewar da na faɗa. Na biyu, kuma shi ya fi, ruwa yana tankaɗe kamar rariya. Abu mai nauyi shi ake fara yarwa, mara nauyi shi yake yin nisa. Kayan kogi kala uku ne: wanda ake mirginawa a ƙasan ruwa, wanda yake yawo a cikin ruwa ya mai da shi ja kamar kunun kanwa a watan Agusta, da wanda ya narke ba a ganinsa sam. Wannan jan da kake gani gonar wani ce daga sama take wucewa.

Gaskiya ne kogi yana rage gudu in ya yi nisa da mafari?

Ido haka yake gaya wa mutum, amma ba lalle ba. Rafin kan dutse yana ƙara yana kumfa kamar zai tashi sama, sai dai yawancin ƙarfinsa a karo da duwatsu yake ƙarewa. Babban kogi mai zurfi da shimfiɗar yashi shiru yake tafiya, ba abin da yake tare shi, kuma sau da yawa in an auna sai a ga gudunsa ya kai na rafin ko ya fi. Wannan shirun shi yake ruɗar baƙo ya shiga da ƙafa. Wanda ya taɓa tsallaka gadar Wudil a tsakiyar damina ya duba ƙasa ya san abin da nake nufi.

Namu kogin dai daga baya yana yin sanyi da gaske, saboda ƙasar ta baje ƙwarai kuma ruwan ya rarrabu. Wannan na yi bayaninsa a tambayar raguwar ruwa da ke ƙasa.

Ya ake gane yawan ruwan da ke wucewa ba tare da na'ura ba?

Ana iya yi da igiya da gora da agogon waya. Ka sami wurin da kogin ya miƙe, ka auna faɗinsa, ka auna zurfi a wurare biyar ko shida daga cikin kwale-kwale ka fitar da matsakaici. Sai ka auna mita 20 a bakin gaɓa, ka jefa lemo ko robar ruwa da aka cika rabi a tsakiya, ka ga daƙiƙa nawa za ta yi kafin ta ci wannan mita 20 ɗin. Ka maimaita sau uku.

A ce faɗi mita 40 ne, matsakaicin zurfi mita 1.5, in ka ninka ka samu 60. Robar ta yi daƙiƙa 25, wato mita 0.8 ke nan a daƙiƙa. Amma ruwan sama-sama ya fi na ƙasa gudu, don haka ana ninkawa da 0.8, ya koma 0.64. Sai ka ninka 60 da 0.64, ka samu kusan 38. Ma'ana lita dubu 38 a kowace daƙiƙa, kamar duro 190 mai cin lita 200 yana wuce ka kafin ka ƙifta ido. Inda ake kuskure shi ne a auna zurfi a tsakiya kawai, sai lissafin ya kumbura, ko a jefa kara wanda iska za ta tura. Kuma don Allah kar a aiki yara wannan aikin lokacin cikowa.

Me ya sa kogi ba ya miƙewa, sai ya yi ta kwana-kwana kamar maciji?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, don duk rigimar gonakin bakin kogi a nan take. Da zarar kogi ya fito daga cikin dutse ya shigo ƙasa mai laushi da ta baje, ya daina haƙa ƙasa sosai, sai ya koma cin gefe. Ba ya buƙatar wani babban dalili kafin ya fara. Itace ɗaya da ya faɗi, ko tulin yashi, ko wani ɓangaren gaɓa da ya fi ɗan'uwansa laushi, ya isa ya karkatar da ruwan. Da ya ɗan karkata, ruwa mai gudu sai ya bugi gaɓar waje ya ci ta, ya dawo ya bugi ɗaya gefen a gaba, shi ke nan kwana ta fara, kuma kowace damina ƙara zurfi take yi.

A cikin kwanar ruwan murɗawa yake yi kamar igiyar da ake tufka. Na sama yana tafiya gaɓar waje, in ya buge ta ya nitse, ya biyo ta ƙasa ya dawo gefen ciki yana jan yashi. Ka gwada a gida: zuba ruwa a kwano, ka sa ɗan yashi, ka juya da cokali ka bari. Yashin ba gefe zai tafi ba, tsakiyar kwano zai taru. Abin da ke faruwa a kwanar kogi ke nan. Gefen waje ya zama gaɓa mai tsayi a tsaye da gurbi mai zurfi a gindinta, inda masunta suke samun manyan tarwaɗa, gefen ciki kuma ya zama shimfiɗar yashi mai gangarowa a hankali inda mata suke wanki, shanu suke shan ruwa.

Kwanonin ma ba kara-zube suke ba. Masu auna koguna sun lura cewa daga kwana zuwa ta gaba da ke fuskantar gefe ɗaya da ita, nisan yakan kai ninki 10 zuwa 14 na faɗin kogin. Kogi mai faɗin mita 50 ke nan zai yi cikakkiyar lanƙwasa a mita 500 zuwa 700. Ƙaramar ƙorama ƙananan kwanoni, babban kogi manya. Masu fito sun san wani abu kuma: wurin da ya fi sauƙin tsallakawa da ƙafa a rani shi ne tsakanin kwana da kwana, inda ruwan yake sauya gefe, don nan ne yashi ya taru.

Gonata tana bakin kogi, ya zan gane ko ruwa zai cinye ta?

Fara da tsayawa a gonar ka kalli kogin. In kwanar ta zagaye ka, wato kana cikin cikinta, kuma gabanka yashi ne mai gangara, to kai ƙari kake samu. In kuma kana bayan kwanar, gaɓa a tsaye kamar an sare ta da gatari, ruwan gindinta ya yi duhu yana juyawa, kai ake ci. Sauran alamu: saiwoyin itace a waje suna reto, gaɓa ta yi rami ta ƙasa sama ya rage kamar rumfa, da tsagewar ƙasa mai bin tsawon gaɓa taku ɗaya ko biyu daga baki. In ka ga wannan tsagar, wurin ya riga ya tafi, lokaci kawai yake jira, kar ka ɗaure dabba a kai kar ka ajiye injin ban ruwa.

Gonar mahaifina a bayan kwana take. Akwai giginya a ciki da muke sanya buhunan taki a gindinta, ina yaro sai na yi gudu mai kyau daga gindinta kafin na kai bakin ruwa. Wata shekara na kafa turaku uku a layi, kowanne taku 20 daga gaɓa. Bayan damina na koma, na farkon kwana taku 19, na tsakiya 17, na ƙarshen kwana ta wajen da ruwa ya nufa 15. Na nuna wa Baba, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai dama ruwa ba ya cin inda ya shigo, inda zai fita yake ci." Gaskiyarsa, domin wurin da aka fi ci yana ɗan gaba da tsakiyar kwana, shi ya sa kwana ba gefe kawai take matsawa ba, tana kuma rarrafawa ƙasa. Giginyar ta faɗa ruwa shekaru kaɗan bayan nan, kuma ba ranar da kogi ya cika maƙil ta faɗi ba, sai da ruwa ya fara ja. Dalili, gaɓa ta sha ruwa ta yi nauyi, ruwan kogin da yake tokare ta kuma ya janye, sai ta zube.

Turakun nan su ne ma'auninka. Ka auna shekara biyu ko uku kafin ka yanke hukunci, don shekarar babban ruwa ɗaya takan ci abin da shekara biyar ba su ci ba.

Za a iya hana gaɓa zubewa?

Ana iya rage wa abin gudu, tsayar da shi gaba ɗaya kuwa sai aikin injiniyoyi da kuɗi mai yawa. Kuskuren da na fi gani shi ne a jera buhunan yashi a saman gaɓa, alhali ta gindi ake cin ta, ruwa ya rarake ƙasa buhunan su bi sahu. In za a yi aiki, a rani ake yi, a sassabe gaɓar ta kwanta maimakon tsayuwa, a zuba duwatsu a gindi, a dasa jema da sauran ciyayi masu dogon saiwa a jikinta, a bar taku goma ba noma ba kiwo. Manyan itatuwa a daidai baki ba sa taimakawa a gaɓar da aka riga aka rarake, in sun faɗi da ƙasa mai yawa suke tafiya. Sannan a kula da ɗiban yashi a gindin gaɓa, domin ramin da tifa ta bari kogi zai cike shi, kuma da ƙasar da ke kusa zai cike.

Ka kuma sani in ka ƙarfafa taka gaɓar ƙarfin ruwan bai ɓace ba, maƙwabcinka na ƙasa zai iya karɓarsa. Gara a zauna da mai unguwa a yi aikin kwanar gaba ɗaya.

Tafkunan nan masu siffar lauje da ke cikin fadama, su wa suka haƙa su?

Kogi ne da kansa, tsohuwar hanyarsa ce. Kwana tana ta girma har ta kusa zama zobe, wuyan da ke tsakanin farkonta da ƙarshenta yana sirancewa saboda ana cinsa ta gefe biyu. A ce wuyan taku 30 ne, kowane gefe yana rasa taku 3 a shekara, shekara biyar ke nan a lissafi. Amma da wuya a kai haka, galibi wata ambaliya ce za ta haura ta kan wuyan ta yanke shi a dare ɗaya. Ruwa ya sami gajeriyar hanya mai gangare, ya bar zagayen, yashi ya toshe bakunan tsohuwar hanyar biyu, sai ta zama tafki mai siffar lauje ko jinjirin wata.

Tafkin yana samun ruwa da kifi duk sanda kogi ya yi ambaliya, shi ya sa ake su a cikinsa bayan damina, karfasa da tarwaɗa da gaiwa mai shigewa taɓo. A hankali laka da ruɓaɓɓiyar ciyawa su cike shi ya zama kwari mai baƙar ƙasa, wanda ya fi ko'ina kyau da shinkafa. Abin tsoro ɗaya ne, wanda ya gina gida a irin wannan kwarin don ya ga shekara goma ba ruwa. Ranar babban ruwa nan kogi yake fara nema. Haka kuma mai gona a kan wuyan kwana, yana iya wayar gari ya ga gonarsa ta koma tsallake, sai da kwale-kwale.

Fadama fa, ya aka yi ta samu, kuma me ya sa ta fi jigawa albarka?

Yawon da kwanoni suke yi hagu da dama shekaru aru-aru shi ya share kwarin ya baje shi. Duk inda kogi ya bari ya bar yashi, ambaliya kuma ta zo ta shimfiɗa laka a kai, bana kaɗan baɗi kaɗan. Shi ya sa in ana haƙa tiyubwel a fadama za a fara da laka mai danƙo, a wuce ta a faɗa yashi mai ruwa a zurfin da bai kai na rijiyar tudu ba. Wannan yashin tsohon gadon kogi ne, kuma ambaliyar da muke kuka da ita ita take cika shi da ruwan da muke ja a rani mu yi alkama da tattasai da albasa.

Laka tana riƙe ruwa da abincin shuka, jigawa kuwa rairayi ce, ruwa wucewa yake yi. Jigayin da jiharmu ta ci sunansu tulin rairayi ne da iska ta jera a wani zamani da ƙasar nan ta fi yanzu bushewa ƙwarai, suna kwance daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, kogi kuma yana bin kwarin da ke tsakaninsu. Gari a kan jigawa, gona a fadama, haka kakanninmu suka zauna.

Me ya sa bakin kogi yake bushewa da wuri, amma can nesa ruwa ya kwanta wata biyu?

Mutane da yawa suna mamakin wannan. In kogi ya tumbatsa ya haura gaɓa, nan take gudunsa yake karyewa, sai ya zubar da yashi mai nauyi a daidai baki, lakar kuma ta tafi nesa. Shekara da shekaru bakin ya yi tudu kamar jingar da ba wanda ya gina, bayanta kuma ya zama kwari. Ruwan da ya shiga kwarin ba shi da hanyar komawa, sai dai rana ta shanye ko ƙasa ta tsotse. Don haka gonar bakin kogi tana da yashi-yashi, ta dace da kankana da rogo da masara, ta can baya kuma laka ce ta shinkafa.

Matsalar tana zuwa ne in yashi ya cika gadon kogin shi ma ya taso. Sai ka ga kogi yana tafiya a sama, gonaki da gari suna ƙasa da shi. Ranar da jinga ta ɓalle ruwan ba zai so komawa tsohuwar hanya ba. Wanda ya ga ruwan 2020 da na 2022 a Jigawa ya ga yadda ɓaraka ɗaya take shafe gonaki masu nisa da kogi. In ana tsaron jinga da dare, a fi sa ido a bayan kwana, da wurin da ruwa yake tsattsafowa ta baya. In tsattsafin garau ne da sauƙi, in ya fito da laka to cikin jingar ake kwashewa, a tashi mutane.

An ce kogi ƙaruwa yake in ya yi gaba, mu me ya sa namu raguwa yake?

Yawancin koguna haka suke, Kwara ma in ta karɓi Binuwai a Lokoja girma take ƙarawa. Namu ya saɓa ne saboda daga inda ake ruwa da yawa ya taso ya nufi inda ake ruwa kaɗan. Har wajen Wudil dutse ne a ƙasa, rafuka suna ta kawo masa gudummawa. Daga nan ya shiga ƙasar kwarin Cadi mai rairayi da laka, ba wani babban rafi da ke ƙara masa, ƙasa na tsotsa, rana na ɗauka, manoma na ja. Bayan Haɗeja sai ya rarrabu, wani reshe ya bi Marma zuwa tafkin Nguru, wani Burum Gana, ga tsohon Kogin Haɗeja, ga kuma reshen Kafin Hausa da ya ɓalle tun kafin nan. Wannan shi ne dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye suke zuwa daga Turai lokacin sanyi, a wurare irin su Baturiya da Dagona. Ruwan da ake gani a Gashuwa mafi yawansa na Jama'are ne.

Dam ɗin Tiga da na Challawa sun canza halin kogin?

Ƙwarai. An gama Tiga a 1974, Challawa a 1992. Kafin nan kogin cika yake da damina ya malale fadama, da rani ya ƙafe a bi ta kan yashi da jakuna. Yanzu dam yana riƙe ruwan damina ya riƙa saki a hankali, noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure ya samu, ruwan shan Kano ya samu, wannan ba a musu. Amma a ƙasa abu biyu sun faru. Ambaliyar da take wanke hanyoyin ruwa ta ragu, sannan hanyoyin sun daina bushewa. Ciyawar kacala kuwa abin da take so ke nan, ruwa mara zurfi da ba ya ƙafewa. Ta cika hanyoyin, ta rage wa ruwa gudu, ruwan ya sauke laka a gindinta, hanya ta toshe. Shi ya sa wani gari ruwa ya kwanta masa a gona shekara da shekaru, wani garin kuma reshensa ya mutu. Tsuntsayen jan-baki masu cin shinkafa ma a cikinta suke kwana.

Yankan kacala kaɗai ba ya isa in ba a yashe lakar ba, kuma in za a yanka a yanke ta ƙasa da ruwa yadda kututturen zai nitse ya ruɓe, in aka yanke ta a sama ko aka ƙona tohowa take yi. Ka dubi amsar da ke sama kan bakin kogi, abu ɗaya ne: duk inda ruwa ya rage gudu, kaya zai sauke.

Mene ne dalta, kuma muna da ita a nan?

Dalta ita ce ƙasar da kogi ya gina a inda ya ƙare. In ya shiga teku ko tafki gudunsa ya mutu, sai ya zubar da sauran kayansa, yashi a kusa, laka a can ciki. Tulin ya toshe masa baki, ya rabu biyu ya zagaye, kowane reshe ya sake toshe nasa bakin ya sake rabuwa, har abin ya zama kamar yatsun hannu. A sama rafuka ne suke haɗuwa su zama ɗaya, a dalta ɗaya ne yake watsewa. Sunan daga wani harafin Girkanci ne mai kusurwa uku, domin irin siffar bakin Nilu ke nan a Masar. A teku akwai ƙarin abu, gishiri yana sa ƙwayoyin laka su dunƙule su nitse da wuri.

Kogin Kwara yana da guda biyu. Ya taso daga tsaunukan Gini, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,200, a Mali wajen Mopti ya baje ya yi dalta a tsakiyar ƙasa ba teku ba tafki, sannan ya tattara kansa ya wuce Tumbutu da Yamai, ya shigo Najeriya, a ƙarshe ya rabu zuwa Nun da Forcados da rassa barkatai a Neja Dalta. Abin da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa ɗan'uwan na Mali ne, ƙarami, kogi ya watse ya sauke kaya tun bai kai ƙarshe ba. Shi ya sa Komadugu Yobe take isa Tafkin Cadi a gajiye, da ruwa kaɗan da kaya kaɗan. Kusan duk ruwan tafkin daga Kogin Shari yake zuwa ta kudu, kuma shi ne mai babbar dalta a can.

Kowane kogi ne yake yin dalta?

A'a. Sai kayan da kogi yake kawowa sun fi wanda igiyar teku take kwashewa, kuma bakin tekun ba zurfi sosai. Kogin Kwango ya fi Kwara ruwa nesa ba kusa ba, amma bakinsa wani rami ne mai zurfi a ƙarƙashin teku, kayan can suke gangarawa, sai ya ƙare da baki ɗaya mai faɗi. Dalta kuma tana iya komawa baya in an tare mata kaya. Tun da aka gama babban dam ɗin Aswan a 1970 lakar Nilu take kwanciya a bayansa, teku yana cin bakin daltar, manoman Masar kuma suka koma dogaro da takin zamani a gonakin da a da ambaliya take sabunta musu duk shekara.